Tsakanin Ina Kwana da Ina Wuni a Abuja

Gaisuwar Bahaushe rana take bi, ba agogon ofis ba. Daga asuba har rana ta take tsaka, "ina kwana" ake cewa, a amsa da "lafiya lau", a ɗora da "an tashi lafiya?" Idan Azahar ta yi sai "ina wuni" ta karɓa, kuma ita za ta riƙe mutum har bayan Isha'i.

Shawara ta farko: mai gaisuwa ya duba inuwarsa kafin ya buɗe baki. Muddin tana karkace yamma, kwana ake tambaya. Ma'aikacin da ya baro Mararraba da sallar asuba a bakinsa, cunkoson Nyanya ya riƙe shi, na AYA ya ƙara masa, ya iso Sakatariyar Tarayya ƙarfe 11, ji yake ya riga ya wuni. Bai wuni ba. Hantsi ne, kuma in ya ce wa shugabansa "ina wuni", da bakinsa ya sanar da makararsa, amsar kuwa "tun yanzu?" ce. Abin da ya dace shi ne "ranka ya daɗe, barka da hantsi". 

Ta biyu ta shafi tsakanin ƙarfe 12 da kiran Azahar, inda aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya wuni a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da labule a sake bai san inda rana take ba, sai ya fito da "ina kwana" a tambaye shi ko yanzu ya tashi. Mafitarsa "barka da rana", ko "barka da war haka" wadda take shiga kowane lokaci, amsarsu kuma "barka kadai". Ga ɗan kasuwar Wuse da ciniki ya sha wa kai, "sannu da aiki" ta wadatar.

Sauran kuwa ba sa buƙatar lissafi. Bayan La'asar "barka da yamma", bayan Magariba "barka da dare", da azumi kuma "barka da shan ruwa". Sai dai "barka da dare" ta haɗuwa ce, ba ta rabuwa ba. Baƙon da ya miƙe zai tafi ya faɗe ta ya sake buɗe gaisuwa ke nan, sai mai gida ya rasa ko rakiya zai yi ko shimfiɗa tabarma. Mai tafiya "sai da safe" zai ce, a amsa masa da "Allah ya tashe mu lafiya".