Ire-iren Masu Aika Saƙo Ranar Jajibirin Zance

Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001, kuma ta yi ta ratsa garuruwa har ta iso mana Kahu da Tarai da Durba da sauran ƙauyukan ƙasar Kibiya da Rano, sai wata sabuwar rana ta ƙaru a cikin kwanakin neman aure wadda iyayenmu ba su san da ita ba, watau ranar jajibirin zuwa zance na farko. A da, idan saurayi ya ga yarinya a kasuwa ko a gidan biki, ya bincika asalinta, aka ba shi iznin zuwa, ba shi da wani aiki a jajibiri face ya kai rigarsa wanki, ya nemi turare, ya kwanta yana juyi. In gari ya waye, la'asar ta yi sanyi, ya je ƙofar gidansu ya tura yaro ya ce ana sallama da wance. Amma yau da yake Allah ya sanya masa hanyar magana a cikin aljihu, sai wannan yini guda ya zama jarrabawa, domin akwai wanda yake gyara al'amarinsa da kalma goma, akwai kuma wanda yake rushe shi da dubu tun kafin a shimfiɗa masa tabarma.

Abin da ake bukata daga saƙon jajibiri ba shi da yawa. Ana so ya tabbatar da lokaci, ya nuna ladabi ga gidan da za a je, sa'an nan ya bar ɗan shauƙi a zuciya, gwargwadon ƙanshin miya da ke tsallako katanga, wanda ke sa mai wucewa ya ji yunwa ba tare da an zuba masa ko cokali guda ba. Malaman balaga sun raba magana zuwa ijazi da iɗnabi, taƙaitawa da tsawaitawa, suka ce kowanne yana da muhallinsa, to jajibiri muhallin ijazi ne, sai dai samarinmu kaɗan ne suka halarci wannan darasi.

Na farkonsu shi ne Mai Muƙaddima, wanda ba ya iya cewa gobe yana tafe sai ya fara da basmala da hamdala da salati, ya gaida ita, ya gaida Baba da Inna da yayye da ƙanne har da na goye, sa'an nan ya shiga bayanin halin da zuciyarsa take ciki tun ranar da ya hango ta a bakin rijiya, babi bayan babi, fasali bayan fasali. Da a takarda yake yi, kamar yadda samari suka riƙa yi a zamanin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, da da sauƙi, don takarda ana ninke ta a ajiye. Amma saƙon tes ba ya ɗaukar fiye da harafi 160, in kuwa mutum ya sa haruffanmu masu lanƙwasa sai ya koma 70, saboda haka wasiƙar Malam takan iso wa ƙaramar wayar yarinya gunduwa-gunduwa, wani lokaci ƙarshe ya riga farko isowa, ta karanta “wassalam, naki har abada” tun ba ta san wane ne ba. Babbar hasararsa kuwa ba ta kuɗin kati ba ce. Duk abin da ya kamata ya faɗa gobe a zaure ya riga ya faɗe shi yau, don haka idan ya zauna a gabanta sai ka same shi yana wasa da makullin babur yana tambayarta ko ta ga saƙonsa.

Kishiyarsa shi ne Mai Shiru, wanda abokansa na majalisa suka yi wa huɗuba cewa mace ba ta son wanda ya nuna ɗoki, sai ya ɗaure fuska ya ƙi aika komai, yana zaton a can gidan ana ta tunaninsa. Ana kuwa tunaninsa, amma tunanin cewa ya fasa. Ran nan sai ya sha wanka, ya taho tun daga Rano, ya tura yaro, yaro ya dawo ya ce wai ta tafi unguwa da Inna.

A tsakaninsu akwai Mai Binciken Abinci, kuma shi ne mafi yawa a ƙasar nan, har ina ganin da za a yi ƙidaya da sun isa a ba su hakimi. Da hantsi ya rubuta, “Kin karya?” Da azahar, “Kin ci abinci?” Bayan la'asar, “Me kika ci?” In ta ce tuwo, ya ce da wace miya. Ba mugun mutum ba ne, hasali ma niyyarsa kyakkyawa ce, yana so ne ta san yana nan. Illa dai tambayar da amsarta “e” ce ba ta buɗe wata ƙofa, kuma yawan maimaita ta yakan sa yarinya ta fara lissafin yadda rayuwa za ta kasance in an ɗaura. Ƙaninsa shi ne Mai Filashin, wanda ba ya ma rubutu, sai dai ya kira ya katse, ya kira ya katse, da nufin ta fahimci yana begenta, alhali abin da ta fahimta shi ne ba shi da kati.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Alkawari, domin shi ya gane cewa ana bukatar shauƙi, amma ya yi kuskuren ma'auni. Sai ya rubuta, “Gobe zan zo miki da abin da ba ki taɓa gani ba.” To, yarinya ba ta riƙe irin wannan bushara ita kaɗai, kafin isha ƙanwarta ta ji, ƙawarta ta maƙwabta ta ji, har an fara gardama ko waya ce ko atamfa. Kashegari sai ga shi da ledar alewa da sabulu biyu, toshin da in da ya kawo shi ba tare da shela ba da an karɓa da godiya da sa albarka, amma yanzu ya zama abin dariyar ɗaki har zuwa sallah. Shauƙin da ake so a jajibiri shi ne wanda mutum zai iya biya gobe ba tare da ya ci bashi ba.

Sai Mai Kwafe, wanda ke ɗauko saƙon da ya zaga duniya a WhatsApp, mai furanni da hoton zuciya, ya tura, ya manta cewa manhajar tana liƙa wa irin wannan saƙo alamar cewa turo shi aka yi. Ya yi sa'a in bai bar sunan wata a ciki ba. Shi kuwa Ustazu, yakan aika da wa'azin minti ashirin a kan haƙƙin miji, tun ba a ba shi ruwan sha a gidan ba.

Kada 'yan mata su ce an bar su. A cikinsu akwai Malama To, wadda duk abin da aka rubuta mata, ko da mutum ya kwana yana tsara shi, amsarta “To.” Samari da yawa sun rame a kan wannan kalma, suna kai ta wurin abokai a yi mata tafsiri, alhali galibi kunya ce, ko kuwa Inna na zaune kusa. Akwai mai Majalisar Shura, wadda ba ta ba da amsa sai ƙawaye uku sun zauna a kan saƙon sun yi ijma'i, ana gane ta da cewa amsarta takan makara sa'a guda, sa'an nan ta iso da fasahar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Akwai kuma wadda ke cewa katinta ya ƙare daidai ranar jajibiri, wannan kuwa ba na cewa komai a kanta, don wani lokaci da gaske ya ƙare.

A nan ne ya kamata saurayi ya tuna da abin da duk waɗannan suka manta, watau cewa a garuruwa irin namu waya ba kasafai take zama ta mutum ɗaya ba. Sau da yawa lambar da aka ba shi ta mahaifiyarta ce ko ta matar yayanta, in ma tata ce takan yini a shagon mai caji, ƙaninta ne zai karɓo ta da yamma, shi kuwa ba ya dawowa gida bai leƙa ba. Saboda haka jinkirin amsa ba hujja ba ce ta ƙiyayya, kuma duk saƙon da mutum zai ji kunya in an karanta shi da ƙarfi a tsakar gida, to, bai kamata ya fita daga wayarsa ba.

Na taɓa ganin saƙon wani saurayi manomi da ya burge ni, wanda ya aika sau ɗaya tak, bayan sallar magariba, lokacin da an sauke tukunya, waya ta dawo daga caji, kuma dare bai yi nisan da za a ce ba shi da tarbiyya ba. Ga abin da ya ce: “Assalamu alaikum, Malama. In Allah ya kai mu gobe ina tafe bayan la'asar, kamar yadda Baba ya yi izni. Kin ce gyaɗarku ta fi tamu, to, ina zuwa da hujjata. A gaida su Inna.” Dubi yadda ya tsara shi. Ya ambaci lokaci, don ta san sa'ad da za ta kammala aiki ta shirya. Ya ambaci iznin Baba, wanda ya sa duk mai leƙen da ya karanta ba shi da abin kai ƙara. Ya ɗauko wata 'yar magana da ta taɓa fitowa daga bakinta ita kanta, ta haka ta san ya saurare ta, kuma ba saƙon da ake tura wa kowa ba ne. Sa'an nan ya bar gardamar a buɗe, bai ce mece ce hujjar ba, ga shi kuwa hujjar ba ta fi ƙarfinsa ba, tun da ƙullin gyaɗa ce daga rumbunsu. Ta amsa masa da cewa, “Allah ya kai mu. Ka zo da shaidu.” Shi kuma ya yi abin da ya fi komai wuya, ya ce “Amin,” ya kife waya ya kwanta, bai ƙara ko harafi ba.

Kai saurayi mai shirin gobe, in ka riga ka tambaye ta abin da ta ci sau uku yau, ka dakata haka nan, ka je ka duba ko akwai mai a babur ɗinka.