Wa Ya Haifi Luke?

Abokina ya rantse zai kalli Star Wars bisa tsarin labari, daga Episode I na 1999. Na ce masa to, Allah ya ba da sa'a. Kafin ya kai fim ɗin 1980, inda Darth Vader ke shaida wa Luke cewa shi ne ubansa, ai tuni ya halarci haihuwar yaron a Episode III, har da abokiyar tagwaicinsa Leia. Abin da ya girgiza duniya, shi ko gezau.

Amma mu da muka bi tsarin fitowa, daga 1977, kada mu yi fariya. Muna ganin ƙaramin Anakin yana murmushi a Episode I, mun riga mun san baƙin kwalkwalin Darth Vader da ke jiransa. Fim uku muna zaman makoki tun mamacin bai yi gemu ba.