Inshorarka ba ta da fasfo, direba

To, Malam direba, ka ɗauko kaya daga Agege za ka Kumasi, ka cika tanki, ka yi addu'ar tafiya, kana bugun ƙirji wai takardunka sun cika. Buɗe jakar mu gani. Ina katin ECOWAS mai ruwan ƙasa?

Ka ce kana da inshora? Sannu da ƙoƙari. Ai takardar inshora ta gida iyakarta Seme, nan take sauka ta yi maka sai ka dawo. Ɗan sandan Benin ba ruwansa da kamfanin da ke Legas, bai san ƙofarsa ba, balle ya aika masa sammaci. Don haka ne shugabannin Afirka ta Yamma suka sa hannu kan yarjejeniya a Kwatano a 1982, aka kafa hedikwata a Lome, kowace ƙasa da ke cikin tsarin ta buɗe ofishinta. Katin alkawari ne tsakanin ofisoshin nan: in motarmu ta yi ɓarna a wajenku, ku ji da maganar, mu za mu biya ku.

Na san abin da ke bakinka: wata hanyar tatsar kuɗi ce kawai. Haba! Kai da kake raba ɗari biyar-biyar a kowane shinge ba ka taɓa neman rasit ba, yau kai ne mai tsimi? Kuma wataƙila ka riga ka biya ba ka sani ba. Tun Janairun 2023, da hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta ce har da katin a ciki. Naka shi ne ka ce wa kamfanin ya miƙo maka takardar. Ka sayi rago ka bar shi a kara, sai kuka kake babu nama.

Mu ƙaddara, Allah ya kiyaye, ka shiga Kwatano, ɗan acaɓa mai riga ruwan ɗorawa ya gitta, ka taka birki bai ci ba. Ƙafarsa ta karye, babur ya lotse, fitilarka ta fashe. Za a kira 'yan sanda su auna wuri su rubuta rahoto, kuma wannan rahoton shi ne ginshiƙin komai, kada ka yarda a sasanta a baki a watse. Kai kuma ka nuna katin, ka sanar da ofishin tsarin na ƙasar Benin ba tare da ɓata lokaci ba. Su za su binciki lamarin, su daidaita diyyar kuɗin asibiti da gyaran babur, sannan su bi kamfaninka na Najeriya bashi ta hannun ofishin gida. Lissafin diyyar kuma da dokar Benin za a yi shi, don a ƙasarsu ka buge mutum. Kada ka tsaya kana cewa ai a wajenmu ba haka ake yi ba. Wa ya tambaye ka?

Fitilar tawa fa, ka ce? Taka ce, Alhaji, har da gilashin. Katin na wanda ka cuta ne. Motarka da kayan da ka ɗauko ba sa ciki, ko tayar da ta fashe ba zai saya maka ba.

Yanzu ka samu abin kama ni: ai akwai masu katin da aka tsare motarsu makonni. Gaskiya ne, ban musa ba. Biyan diyya tsakanin ofisoshin yakan yi tafiyar hawainiya, wasu jami'an kuma sai sun ga dama suke ganin kati. Amma mai kati yana da ofishin da zai buga wa waya. Kai marar kati wa za ka kira? Sai ƙanin mahaifinka ya sayar da gona.

Sai dai a duba katin da kyau. In lambar motar da ke jikinsa ba taka ba ce, ko wa'adinsa ya ƙare jiya, takardar ƙunshe ƙosai ce. Haka in wani ɗan kamasho ne ya buga maka inshorar a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi, don kati ba ya tsayuwa sai a kan inshora ta gaskiya. Sa yaronka ya shiga askniid.org ya rubuta lambar motar. In ba ta fito ba, koma ka nemi mutumin, in har yana nan.

Kai kuma na can baya da kake murmushi, mai hanyar Gamboru zuwa Kusiri da Njamena, ka ce ka gama da maganar katin tun bara? Ajiye shi. Kamaru da Cadi ba 'yan ECOWAS ba ne, nasu katin na ƙungiyar CEMAC ne, kuma ruwan hoda ne. Ka miƙa wa jandarman Fotokol mai ruwan ƙasa, zai juya shi gaba da baya, ya yaba kyawun takardar, sannan ya nuna maka inda za ka faka.