Ragon da ya tona mini asiri

Wata huɗu na yi ina kiwon rago a bayan ɗaki, dusa da ƙowa da safe, harawar gyaɗa da yamma. Saura mako biyu Babbar Salla na ɗora shi a mota ranar Juma'a sai karar Wudil. Dillali ma na ƙi nema, don kada la'ada ta ci mini riba. Bayanin da zan yi kuwa tun a gida na haddace shi: Balami ne, shekara ɗaya da rabi, kilo saba'in, lafiyarsa ƙalau.

Wani dattijo mai sanda ya tsaya, na zuba masa karatun duka. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Yaro, Balami fari ne fat, ga dogayen kunnuwa a sake, ga doron hanci. Wannan baƙin da ya zagaye masa ido da baki fa, kwalli ka sa masa?" Na ce ruwa biyu ne. Ya ce ruwa ɗaya ne, ɗan ƙasa.

Sai ya tsuguna ya buɗe bakin ragon, ya ce in leƙo. Haƙoran gaba na ƙasa guda takwas ne. Rago na yin famfarar biyun tsakiya bayan ya shekara, manya su fito, daga nan bibbiyu suke ƙaruwa kusan duk shekara. Mai shekara ɗaya da rabi manya biyu za a gani, sauran ƙanana. Nawa takwas ɗin duk manya ne, har sun fara cinyewa.

"Ya haura huɗu," in ji shi. "Ka riƙa gaishe shi da safe."

Na koma kan nauyi, na nuna masa ciki kamar ganga. Gaskiyar magana, maƙwabcina ne ya ce in ba shi kanwa da asuba, ƙishi zai sa ya ɗirki ruwa. Dattijon ko kallon cikin bai yi ba. Ya ɗora hannu a gadon baya, ya matsa ƙirji da gindin wutsiya, ya ce nan nama yake, shi kuwa ƙashi yake ji. Ya ja fatar idon ƙasa, maimakon ja sai ga ta fari-fari.

"Yaushe rabonsa da maganin tsutsa?"

Na ce, "Baba, ai ba ya ciwo."

Daidai nan kilo saba'in ɗina ya fara zuba. Ragon ya buɗe ƙafa ya saki fitsarin da ya ƙi ƙarewa, a kan takalmin da na saya don zuwa Idi.

Dattijon ya taya abin da bai kai kuɗin harawa ba, na ce albarka. Mu muka yi layya da shi. Uwargida ta ɗora naman bayan azahar, ana kiran isha'i tana aika yara ƙaro itace.