An Karɓa, Sai Mun Haɗu

Makon jiya na biya dubu biyar na yi rajistar wata bitar kiwon kaji a Kano. Ko minti biyu ba a yi ba, sai ga saƙo a wayata. Ya yi sallama, ya tambayi iyali da gajiya, ya zuba wa shugaban kwamiti kirari har layi uku. Can ƙasa sai ga abin da ke tafe da shi: "An karɓa. Sai mun haɗu inda aka saba."

Wa ya saba? Ni ko ƙofar wurin ban taɓa gani ba. Na kira sakatare, sai a kira na huɗu ya ɗaga.

"Ranka ya daɗe, yaushe ne?"

"Da safe ne, Alhaji."

Safiyar Bahaushe kuwa daga sallar asuba take farawa, ba ta ƙarewa sai ladan ya kira azahar.

"To, a ina?"

"Kusa da gidan mai."

A Kano! Sai ka ce ka tura baƙo Kwari ka ce ya nemi shagon da ake sayar da atamfa.

Ranar bita mutum goma muka yi cirko-cirko a bakin gidan man da ba shi ba. Da muka gano wurin, mai tsaron ƙofa ya ce sai da lambar rajista. Babu wanda aka ba. Wani dattijo ya miƙa masa waya yana nuna kirarin shugaba, ko zai wadatar.

Alhali abin ba wuya. Ga yadda ya kamata saƙon ya fito:

"Malam, an karɓi rajistarka da naira 5,000. Lambarka 047. Bitar kiwon kaji: Asabar 14 ga Maris, ƙarfe 9:00 na safe zuwa 2:00 na rana, ɗakin taro na bene, Titin Gidan Zu, za ka ga kyallen sanarwa a ƙofa. Taho da rasit da biro. In da matsala, kira wannan lambar."

Ambaton kuɗin shi ne shaidarka ranar da ma'aji ya ce bai ga komai ba. Haɗa sunan rana da kwanan wata kuma yana tona kuskure: in 14 ga wata ba Asabar ba ce, wani zai yi magana tun da wuri.

Masu cewa wuri ne ya yi kaɗan suna da 'yar gaskiya. Saƙon tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, in kuma ka sa ƙ ko ɗ mai lanƙwasa, ya koma 70. To sai a rage kirari, a bar adireshi.

Malam sakatare, kafin ka tura, ba wa yaron gidanka ya karanta. In ya tambaye ka "a ina?" ko "ƙarfe nawa?", saƙonka bai nuna ba tukuna, mayar da shi kan wuta.