Wasiƙar Wanda Bai Taɓa Aiki Ba

Tallar ta ce ana neman ƙaramin mataimaki a sashen tallata kaya, amma a ƙasa da ƙananan haruffa an ƙara da cewa sai mai gogewar shekara biyu. Saurayin da ya gama digirin kasuwanci a Jami'ar Bayero, ya kammala bautar ƙasa, sai ya zauna rubuta wasiƙar gabatar da kai.

Sakin layi na farko ya tafi a gaisuwa da kirari. Shi haziƙi ne, jajirtacce, mai ƙaunar kamfanin tun yana goye. Ma'aikaciyar da ke tantance takardu ta karanta irin wannan ƙauna har ta ƙoshi. Kowa tun yana goye yake.

Na biyu ya jero ginshiƙai huɗu na littafin Kotler: kaya, farashi, wuri da talla. Kamfanin da ya shekara talatin yana sayar da sabulu ake koya wa darasin aji ɗaya.

Abin haushin, ainihin hajarsa tana can ƙasa, a layin da ya kusa gogewa don kunya. Wata shida yana kula da shafin Instagram na shagon atamfar yayarsa a Kantin Kwari. Shi ke ɗaukar hoto, ya rubuta bayani, ya amsa masu "nawa ne?" da tsakar dare, ya kuma gano hoton atamfa a jikin mutum ya fi na ninke kawo ciniki. Aikin da ake nema ke nan, kusan sak.

Ya rubuta shi a kalma biyar: "Ina ɗan taimaka wa Yaya."