Yadda ake rubuta wa kamfanin sadarwa wasiƙar da za ta fito da injiniya daga ofis

Duk wanda ya zauna majalisar matasa a Boɗinga ko Shagari bayan sallar isha'i ya san wannan ihun. Yaro ya yanke mai tsaron baya a eFootball, saura shi da gola, sai 'yan wasa su daskare a fuskar waya kamar an ɗauke su hoto. Kafin sabis ya dawo an rubuta masa an cinye shi, abokin karawarsa na Kano kuma ya riga ya yaɗa wa duniya cewa gudu ya yi. Na Free Fire da PUBG Mobile su ma haka: mutum yana tsaye ƙiƙam a fili, ana ta ɗirka masa harsashi.

Abin da yawanci ke biyo baya shi ne kiran 300, lambar kula da abokan hulɗa da kamfanonin waya suka koma amfani da ita baki ɗaya a 2023. Mai ƙorafi ya zazzage fushinsa, a ba shi haƙuri, a ce ya kashe waya ya kunna. Ya kashe, ya kunna, gobe da dare a maimaita. Ba a tashin injiniya da mota daga Sakkwato saboda wani ya ce "sabis ɗinku ba kyau". Ana tashinsa ne idan takarda ta nuna rana, lokaci, wuri da lambobi.

Don haka matakin farko mai ɗaci ne: ɗan wasa ya haƙura da kofi na mako guda, ya koma malamin rajista. Ya sami littafi, duk lokacin da aka yanke ya rubuta ƙarfe nawa, minti nawa aka yi kafin a dawo, da ko wayar ta sauka daga 4G zuwa 3G. Ya kuma gwada da hantsi, don a sami abin kwatantawa.

Sai ya wanke gidansa daga zargi, domin mayifai da aka bari kan tabarma a ɗaki mai rufin kwano, a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, tana iya sumewa da kanta, babu ruwan kamfani. Idan akwai kwamfuta mai Windows, ya buɗe taga biyu ya saki waɗannan a lokaci ɗaya:

```
ping -t 192.168.8.1
ping -t 8.8.8.8
```

Na farko yana buga ƙofar rautar gida ne (wasu rautoci adireshinsu 192.168.0.1, yana rubuce a jikinsu), na biyu kuma yana fita duniya. Idan na farko ya fara rubuta Request timed out, to ɓarawon na cikin gida ne: zafi, batir, ko nisa daga rauta. Idan na farko yana amsawa lafiya lau amma na biyu yana tsinkewa, ko bayan an cire ƙanne shida da suka san kalmar sirri suna kallon TikTok, an kama kamfani hannu dumu-dumu.

A nan ne ya kamata a fahimci dalilin da ya sa abin ya fi son dare. Ƙarfen sabis ɗaya yana raba abin da yake da shi ne ga duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa. Da rana mutane suna gona, kasuwa da makaranta. Bayan isha'i kowa ya miƙe ƙafa ya kunna bidiyo, har da Baba da ke sauraron karatu a Facebook. Bidiyo yana ajiye guzurin daƙiƙoƙi a gaba, saboda haka ba ya jin ƙaramin tsaiko. Gem ba ya cin data da yawa, amma ba ya yafe jinkiri: amsar da ke dawowa cikin milisakan 60 wasa ne mai daɗi, ta 300 kuwa mutum yana buga ƙwallon da ta riga ta wuce. Shi ya sa sandunan sabis za su cika fal a saman waya, wasa kuma ya ƙi tafiya.

Shafin rauta yana nuna wata lamba mai suna RSRP, wato ƙarfin siginar da ke isowa. Kusan -80 mai kyau ce, -110 kuwa ta galabaita. Idan lambar tana nan daram dare da rana amma jinkiri yana hawa da dare, cunkoso ne. Idan sigina ta ɓace gaba ɗaya na 'yan mintuna, musamman daidai lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa, akwai alamar batir ko janaretan ƙarfen ne ke gardama. Wannan bambancin shi ne ƙashin bayan wasiƙar.

Ga misalin yadda wani matashi na Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, zai tsara tasa:

"Ranka ya daɗe Manaja, bayan gaisuwa. Ina amfani da rautarku a Sifawa, lambar layin tana ƙasa. Daga Litinin zuwa Lahadi intanet tana yankewa kowane dare tsakanin ƙarfe 8:30 da 10:30, sau huɗu zuwa shida, kowane yankewa minti biyu zuwa biyar. Da hantsi jinkiri milisakan 60 ne, da dare ya haura 400. RSRP tana kan -88 dare da rana. Na sauya wa rautar wuri, na cire sauran wayoyi, na gwada layin a wata waya, babu canji. Maƙwabta huɗu masu layinku sun sa hannu a ƙasa. Na kira 300, ga lambar ƙorafin da aka ba ni. Ina roƙon a turo injiniya ya auna sabis a unguwarmu, ya duba ƙarfen da ke ba mu, kuma ya zo bayan ƙarfe takwas na dare."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ta fi tsada. Injiniyan da ya iso ƙarfe sha ɗaya na safe zai tarar da sabis yana gudu, ya sha fura, ya rubuta cewa komai lafiya.

Abin da ba ya shiga wasiƙa shi ma a sani. Babu tarihin kofin da aka rasa, babu "Allah ya isa", babu barazanar karya sim, wanda kowa ya san gobe za a sake sa masa kati. Ambaton gem ba abin kunya ba ne, jimla ɗaya ta isa, amma idan mai POS na bakin titin Shagari yana fama da irin wannan yankewa, sa hannunsa ya fi na 'yan wasa goma nauyi. Kwatancen gida kuma ya fito sosai, da unguwa da masallaci ko makarantar da ke kusa, a haɗa da lambobin wurin daga Google Maps.

A buga kwafi biyu, a hau mota zuwa ofishin kamfanin a Sakkwato, a miƙa ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a ɗayan. Kada a sa ran za a ɗaura sabon ƙarfe kafin Juma'a: ƙara wa ƙarfe ƙarfi yana ɗaukar lokaci, amma gyaran batir, juya eriya ko ba da shawarar ɗora eriya a kan rufi abu ne da ziyara ɗaya ke iya jawowa.

Idan kamfani ya yi shiru ko ya rufe ƙorafin ba gyara, mai wasiƙa ya kira 622, layin kyauta na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Za su nemi lambar ƙorafin da kamfani ya bayar, don haka ya rubuta ta a bangon littafin tun ranar farko.